Minti 10 a gaban kwamiti: yadda ake shirya jawabin matakin ƙarshe na intabiyu

"Assalamu alaikum Malam. Na kai matakin ƙarshe a neman aikin mai kula da sashen rarraba kaya a wani kamfani. Sun ce in zo in yi jawabi na minti 10 da PowerPoint a kan yadda zan rage makarar kai kaya cikin kwana 90 na farko. Abin da suka ba ni kawai shi ne, cikin oda 1,000 da suke kaiwa a wata, 180 suna makara. Saura kwana 5, na haɗa shafi 19 kuma ban gama ba. Ta ina zan kama, alhali ban san cikin kamfanin ba?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara da rufe wancan fayil mai shafi 19. Kada ki goge shi, zai yi miki amfani daga baya, amma ki bar shi tukuna, ki ɗauko takarda da biro. Na shafe shekaru ina zama a kwamitocin ɗaukar ma'aikata, kuma abin da na fi ganin yana kayar da mutane a wannan mataki shi ne irin hanyar da kika ɗauko: a buɗe kwamfuta tun ba a yanke shawarar abin da za a faɗa ba, sai shafuka su yi ta haihuwar shafuka.

Duk wanda ya kawo wannan mataki an riga an yarda cewa takardunsa sun isa, kuma ya amsa tambayoyi yadda ya kamata. Galibi saura mutum biyu zuwa huɗu. Tambayoyin baki ba sa iya raba su, domin kowa ya iya cewa "ina da tsari" ko "na iya aiki da mutane". Shi ya sa ake ba da wannan aiki, gani ya kori ji. Kwamitin yana so ya ga yadda za ki kasance ranar da kika zama ma'aikaciyarsu, aka ba ki matsala da guntun bayani, aka ce ki zo taro ki faɗi abin da za a yi. A kwamitocin da na zauna, kowannenmu yana da takardar maki a gabansa, kuma abubuwan da ke kanta ba su cika wuce waɗannan ba: ko ta fahimci tambayar, ko shawararta tana da hujja, ko za a iya aiwatar da ita, ko ta kiyaye lokaci, da yadda ta amsa tambayoyi. Kyan shafuka, in ma yana ciki, makinsa kaɗan ne.

Rashin sanin cikin kamfanin

Wannan ne ya fi damunki, kuma shi ne ainihin abin da ake gwadawa. Sun san ba ki san cikin gidansu ba. Da gangan suka ba ki lamba ɗaya tak. Masu neman aiki suna faɗawa ɗayan ramuka biyu a nan. Wani sai ya yi magana kamar ya shekara goma a kamfanin, ya ce matsalarku direbobi ne, ko tsarin sitonku ne ya tsufa, alhali bai taɓa taka ƙofar siton ba. Wani kuma tsoro ya sa ya ƙi cewa komai, duk jawabinsa ya ƙare a "zan yi nazari, zan tuntuɓi masu ruwa da tsaki, zan duba hanyoyin inganta aiki". Na farko yana nuna gaggawar hukunci. Na biyu yana barin kwamiti ba abin da za su ba maki.

Hanyar da ke tsakani ita ce ki raba maganarki gida uku, kuma ki bari su ji rabewar da kunnensu: ga abin da na sani, ga abin da nake zato da dalilin zaton, ga yadda zan tabbatar da shi. Baƙo ko da ido makaho ne, amma baƙon da ya ce "ina zaton ƙofar tana nan, ga abin da ya sa, bari in laluba in ji" ya nuna yana da hankali. Abin da kika sani shi ne 180 cikin 1,000, wato kashi 18 cikin 100. Ki lura da abin da wannan lambar ba ta faɗa ba. Ba ta faɗi me ake kira makara ba, awa biyu ce ko kwana biyu. Ba ta faɗi ko makarar ta watsu a duk hanyoyi ba ne ko ta taru a hanya biyu ko uku. Ba ta faɗi a wane mataki lokacin ke zubewa ba. Idan kika fito da waɗannan giɓuɓɓuka uku da bakinki, manajan da ke zaune a wurin zai gane nan take cewa kin taɓa yin aikin, domin wanda bai taɓa yi ba ba ya ma sanin akwai su.

Kafin ki ci gaba, yau ɗin nan ki aika gajeren imel ga wanda ya gayyace ki. Matambayi ba ya ɓata, kuma ban taɓa ganin an rage wa wani maki don ya yi tambaya mai ma'ana ba. Ki tambayi su wane ne za su zauna da muƙamansu, ko minti 10 ɗin ya haɗa da tambayoyi ko akwai lokaci daban, ko za ki turo fayil ɗin tun kafin ranar ko ki zo da kwamfutarki, sannan ki ƙara da tambaya ɗaya a kan aikin kansa: me kamfanin yake ƙirgawa a matsayin makara. Mai yiwuwa su amsa, mai yiwuwa su ce ki yi amfani da abin da aka ba ki. Ko wanne suka yi kin ƙaru. In sun ƙi, sai ki faɗa a jawabin cewa kin ɗauki makara a matsayin duk odar da ta wuce ranar da aka yi wa kwastoma alkawari.

Sanin masu zama yana da tasiri sosai a kan abin da za ki nanata. Idan shugaban sashen ayyuka yana ciki, zai saurari ko shirin zai yiwu da motoci da mutanen da ake da su. Idan akwai mutumin sashen kuɗi, abin da zai jira ya ji shi ne nawa za a kashe. Wakilin sashen ma'aikata kuma yana kallon yadda kike magana a kan direbobi da ma'aikatan sito, ko kina ganinsu a matsayin matsala ko a matsayin waɗanda suka san inda matsalar take.

Jimla ɗaya kafin shafi ɗaya

A kan takardar nan, ki rubuta amsarki a jimla ɗaya wadda za ki iya faɗa cikin numfashi biyu. In ba ta fito ba, jawabin bai nuna ba tukuna, kuma ƙarin shafuka ba za su nunar da shi ba. Ga misalin yadda za ta iya kasancewa a naki batun: "Zan yi mako 2 ina auna inda lokaci ke ɓacewa, in gyara babban dalili guda ɗaya a kan hanya ɗaya, in ya yi aiki in faɗaɗa shi, da burin sauko da makara daga kashi 18 zuwa kusan 13 a ƙarshen kwana 90, ba tare da sayen sabuwar mota ba."

Ki duba abin da jimlar ta ƙunsa. Akwai mataki, akwai lamba, akwai wa'adi, akwai iyaka. Mutum zai iya yarda da ita, zai iya musanta ta, kuma haka ake so. Jimlar da ba wanda zai iya musantawa, irin "zan inganta haɗin kai tsakanin sassa", ba ta ɗauke da shawarar komai.

Daga ina 13 ta fito? Dole ki iya amsa wannan, domin za a tambaye ki. Ga lissafin, kuma ki gabatar da shi a matsayin zato, kada ki ce tabbas ne. Oda tana bi ta matakai huɗu kafin ta isa hannun mai ita: a karɓe ta a shigar, a haɗa kayan a sito, a yi lodi mota ta tashi, sannan tafiyar hanya da sauke kaya. A ce aunawa ta nuna cewa cikin 180 ɗin nan, 100 sun makara ne saboda mota ba ta bar harabar kamfani a kan lokaci ba. Idan gyaranki ya rage wannan da rabi, kin ceto oda 50. Saura 130 cikin 1,000, wato kashi 13. Lissafi ne da kowa a ɗakin zai iya bi da kansa, kuma yana nuna musu ba daga iska kika ɗauko burin ba. Na sha ganin wanda ya yi alkawarin mai da makara kashi 2 cikin wata uku. Masu aikin da ke zaune sun san da abin yana da sauƙi haka da tuni sun yi, sai alkawarin ya zama shaida a kansa.

Zaton cewa tashin mota ne babban dalili, ki tabbata daga aikinki na baya ya fito. In a inda kika yi aiki haɗa kaya a sito ne ya fi jawo jinkiri, to ki gina a kan wannan. Ni misali nake ba ki, kuma jawabin zai fi ƙarfi idan zaton naki ne, domin idan aka matsa miki da tambaya za ki sami abin da za ki tsaya a kai.

Raba mintocin

Minti 10 da aka ba ki, ki shirya na minti 8 da rabi. Sauran minti ɗaya da rabi zai tafi a gaisuwa, a jiran shafi ya buɗe, a ɗan tsayawar da mutum ke yi idan ya ga wani yana rubutu. Mutane da yawa suna magana ne tsakanin kalma 120 zuwa 150 a minti idan suna jawabi, amma kada ki dogara da wannan, ki auna kanki: ki karanta wani rubutu da murya na minti ɗaya, a irin saurin da za ki yi a gabansu, ki ƙirga kalmomin. In kin sami 130, to duk jawabinki kusan kalma 1,100 ne. Shi ke nan dukiyar da kike da ita. Shafi 19 a cikin wannan lokaci yana nufin kowane shafi bai kai rabin minti ba, kafin su gama karanta kan shafin kin wuce.

Shafi shida sun isa. Na farko ya ɗauki daƙiƙa 45, kuma jimlar nan taki ce a kansa. Ki fara da amsar. Kada ki ɓata minti biyu a tarihin kamfani, sun fi ki saninsa, kada kuma ki sake gabatar da kanki, takardunki suna gabansu. Shafi na biyu, minti ɗaya da rabi, shi ne abin da lambar ta faɗa da abin da ba ta faɗa ba, tare da zatonki. Na uku, minti 2, mako biyun farko. Na huɗu, minti 2 da rabi, gwajin gyara, kuma nan ne zuciyar jawabin. Na biyar, minti ɗaya, abin da zai iya kawo cikas da abin da za ki yi in zatonki ya zama kuskure. Na shida, daƙiƙa 45, abin da za su gani a rana ta 90 da abin da kike buƙata daga gare su. Ki tara, za ki samu minti 8 da rabi daidai.

Bari in tsaya a kan na uku da na huɗu, domin nan ne ake rarrabe wanda ya san aiki. Kusan kowa yana cewa "a watan farko zan saurara in koya". Wannan ba laifi ba ne, amma fanko ne sai an cika shi. Ki faɗi takamaiman abin da za ki yi. Misali, kowace oda za a rubuta mata lokuta huɗu: lokacin da aka shigar da ita, lokacin da kayan suka haɗu, lokacin da mota ta fita ƙofa, da lokacin da kwastoma ya sa hannu. In kamfanin yana da manhajar da ke ajiye waɗannan, za ki ciro na wata uku da suka wuce. In babu, takarda ɗaya a ƙofar sito da ɗaya a hannun direba sun wadatar na mako biyu. Tunda suna kai oda 1,000 a wata, mako biyu zai ba ki kusan 500, kuma kusan 90 daga ciki za su makara, adadin da ya isa a ga inda matsalar ta fi taruwa. Ki ƙara da cewa za ki bi mota sau biyu ko uku da kanki, ki kuma tsaya a wurin lodi da sassafe, domin takarda tana nuna inda aka tsaya, amma dalilin tsayawar sai an tambayi wanda ya tsaya.

A shafi na huɗu ki zaɓi gyara ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. In tashin mota ne matsalar, gyaran zai iya zama a sa lokacin rufe karɓar odar gobe, a haɗa kayan tun yamma a jera su bisa tsarin saukewa, yadda da safe lodi kawai za a yi. Ki ce za a gwada shi a hanya ɗaya na mako 4, a bar sauran hanyoyin yadda suke don a samu abin kwatantawa. Ki faɗi ma'aunin nasara: lokacin da mota ke fita, da yawan odar da ta makara a wannan hanya kafin gwajin da bayansa. Sannan ki faɗi farashin gyaran da bakinki. Rufe karɓar oda da wuri zai ɓata wa 'yan sashen talla rai, domin suna so su karɓi oda har dare. Haɗa kaya da yamma yana iya nufin sauya lokacin aikin wasu ma'aikata. Wanda ya ambaci waɗannan tun kafin a tambaye shi, kwamiti yana jin cewa ya taɓa ɗaukar nauyin sauyi ya ga yadda mutane ke karɓarsa.

A nan ne kuma za ki saka labarin aikinki na baya, amma gajere, jimla uku ko huɗu: ga matsalar da kika tarar, ga abin da kika yi, ga abin da ya fito. Ki kawo lambar da kika tabbata da ita kaɗai. Ki kula kada ki bayyana sirrin tsohon wurin aikinki, irin sunayen kwastomomi ko ainihin kuɗin shigarsu. Wanda ya buɗe sirrin wani a gabanmu, muna ɗauka namu ma haka zai yi da shi.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Wani matashi ya zo da shafi sama da 20 don jawabin minti 10. Shugaban kwamiti ya tsayar da shi yana shafi na tara, yana cikin bayanin asalin matsala, bai kai ga mafita ba. Bayan ya fita na duba fayil ɗin da ya turo, sai na ga shawarar da ke can wajen shafi na 17 ta fi ta duk sauran 'yan takarar. Abin ya yi mini ciwo, amma dokar zaman ita ce a ba da maki a kan abin da aka gabatar, kuma a layin mafita ba mu ji komai daga bakinsa ba. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata ya sa amsarsa a minti na farko, yadda ko an katse shi a tsakiya an riga an ji ta.

Su kansu shafukan, abu kaɗan nake nema a kansu. Kan kowane shafi ya zama cikakkiyar magana. Maimakon "Nazarin matsala", ki rubuta "Kashi 18 bai nuna inda lokaci ke ɓacewa ba". In mutum ya karanta kawunan shafuka shida a jere, ya kamata ya fahimci duk jawabin. Girman rubutu kada ya gaza 24, kuma in abin da kike son rubutawa ya ƙi shiga a wannan girman, alama ce ya yi yawa, ki mai da shi bakinki. Zane ɗaya na matakai huɗun nan ya fi sakin layi. Abubuwan da suka rage daga shafi 19 ɗinki, ki zaɓi biyu ko uku masu amfani ki ajiye su bayan shafin ƙarshe. Ba za ki nuna su ba sai an yi tambayar da ta taɓo su.

Kwana biyar ɗin da suka rage

Yau na imel ne da jimlar nan da rabon mintoci a takarda. Gobe ki haɗa shafuka shida. Kwana biyun da ke biye duk na gwaji ne, kuma wannan ne mutane suka fi yi wa rowa. Gwaji a zuci ba ya ƙirguwa, domin zuci ya fi baki sauri, kuma ba ya tuntuɓe a inda harshe zai yi. Ki tashi tsaye, ki kunna agogon waya, ki yi da murya daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Karon farko kusan tabbas za ki wuce lokaci. Idan haka ta faru, ki yanke magana, kada ki ƙara sauri. Ki ɗauki kanki a waya sau ɗaya ki saurara. Inda kika ji kina ta zagaye kafin ki kai ga batu, tunanin ne bai zauna ba a wurin, ki koma ki gyara shi.

Kada ki haddace duka. Wanda ya haddace, kalma ɗaya ta kuɓuce masa sai duk zaren ya tsinke, kuma murya tana canzawa ta zama ta karatu. Ki haddace jimloli biyun farko da biyun ƙarshe, da jimlar da za ta ɗauke ki daga kowane shafi zuwa na gaba. Sauran ki san ma'anarsu, kalmomin za su zo.

Sau ɗaya aƙalla, ki yi a gaban wani wanda ba ya cikin harkar. Da kin gama kada ki tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi. Ki ce ya faɗa miki abin da kika ce za ki yi. In ya dawo miki da abin da ya yi kama da jimlarki, jawabin ya tsaya. In ya ce "kin yi magana a kan rarraba kaya", akwai sauran aiki.

Ranar ƙarshe ta kayan aiki ce. Ki ajiye fayil ɗin a PowerPoint da kuma PDF, domin PDF ba ya sauya fasali in an buɗe shi a wata kwamfutar. Ki sa su a filash, ki kuma tura wa kanki ta imel. Ki buga kwafi a takarda daidai yawan 'yan kwamitin da ɗaya naki, yadda ko majigi ya ƙi aiki za ki raba ki ci gaba. In da kwamfutarki za ki je, ki duba ko tana da ramin HDMI. In ta Zoom ko Teams za a yi, ki gwada nuna allo tun da wuri, ki rufe duk saƙonnin da ka iya faɗowa, kuma ki riƙa kallon kyamara a wuraren da kike so maganar ta shiga.

Bayan kin ce "na gode"

A nawa ganin, rabin hukuncin a tambayoyi ake yanke shi. Jawabi ana iya samun wanda zai taya mutum shiryawa, kwamiti ya san haka, saboda haka suke matsawa su ga ko tunanin naki ne. Tambayoyin da za su zo miki ba ɓoyayyu ba ne. Za a ce, in aunawa ta nuna matsalar a hanya take, ba a tashi ba fa? Amsarki ita ce shi ya sa aunawa ta riga gyara, kuma tsarin gwaji a hanya ɗaya yana nan, abin da za a gwada ne zai sauya, wataƙila jerin wuraren saukewa ko yawan odar da ake ɗora wa mota ɗaya. Za a ce, mun taɓa gwada wannan bai yi ba. Kada ki kare kanki, kada kuma ki janye nan take. Ki tambayi abin da ya hana shi aiki, ki saurara da gaske, sannan ki faɗi ko hakan ya sauya shawararki. Za a ce, in direbobi sun ƙi cika takardar fa? Ki nuna kin san dalilin da zai sa su ƙi, wato tsoron a yi amfani da ita a hukunta su, kuma ki faɗi yadda za ki bayyana musu tun farko cewa tsarin ake aunawa.

Idan aka yi tambayar da ba ki da amsarta, ki faɗi haka kai tsaye, ki biyo da yadda za ki samo ta. Na ga wata mata da aka tambaya nawa gyaranta zai ci. Ta ce ba za ta iya ba da adadi ba sai ta ga tsarin biyan ƙarin lokaci na kamfanin, amma ta lissafa abubuwa uku da kuɗin zai ƙunsa da wanda za ta tambaya a kan kowanne. Mutumin sashen kuɗi ya ba ta maki mafi yawa a wannan layi. Da ta ƙirƙiro lamba, tambaya ta biyu za ta tona ta.

Ki kuma kula da harshenki a kan tsarin da suke kai yanzu. Akwai yiwuwar wanda ya kafa shi yana zaune a gabanki. Na taɓa ganin ɗan takara mai kyakkyawar shawara ya kira tsarin wani wuri "shirme", ga wadda ta gina shi tana kujera ta biyu. Ba ta ce masa komai ba, amma a tattaunawarmu bayan ya fita, tambayar da ta yi ita ce yaya zai yi da ma'aikatan da suka shekara suna bin tsarin, kuma ba wanda ya iya kare shi. Ki ce tsarin ya yi aiki lokacin da oda ba ta kai haka yawa ba, in hakan kike zato, ko ki tsaya kawai a kan abin da lambar ta nuna.

Wannan tsari da na ba ki na irin aikinki ne, inda ake neman shawara a kan matsalar gudanarwa. Mai neman koyarwa da aka ce ya yi darasin gwaji, ko mai bincike da zai gabatar da sakamakon aikinsa, ko ɗan talla da aka ce ya sayar wa kwamiti haja, ma'auninsu daban ne, kodayake kiyaye lokaci da fara magana da gundarinta sun shafe su duka. Haka kuma jawabin sashe ɗaya ne na makin. Na zauna inda wanda ya fi kowa jawabi bai samu aikin ba, saboda wani ya fi shi daɗewa a irin injin ko manhajar da ake buƙata. Wannan ba ya hannunki.

Abu ɗaya da ke hannunki wanda mutane ke mantawa shi ne shirin ko-ta-kwana na lokaci. Yakan faru zaman ya makara, shugaban kwamiti ya dube ki ya ce, "Malama, yi haƙuri, minti 5 muke da shi." Ki yanke tun a gida abin da za ki yi: shafi na farko yadda yake, na biyu da na uku ki dunƙule su a minti ɗaya, na huɗu ki ba shi minti 2, ki tsallake na biyar tunda tambayoyi za su fito da shi, ki rufe da na shida. Ki gwada wannan gajeren ma da agogo sau biyu kafin ranar.